Abin da Ya Hana Kujera Zama a Wuri Biyu

A shekarar 1999, a Jami'ar Vienna ta ƙasar Ostiriya, Markus Arndt da Anton Zeilinger da abokan aikinsu suka zuba wani baƙin gari a ƙaramar tanda, suka gasa shi har zafinsa ya haura digiri 600. Garin na wani sinadari ne da ake rubutawa C60. Kowace ƙwayarsa zarra sittin ce ta kabon, sinadarin da ke cikin gawayi, da suka haɗu suka yi siffar ƙwallon ƙafa. Da zafi ya kai musu, sai ƙwayoyin suka riƙa tashi suna gudun kimanin mita 200 a sakan, cikin wani bututu da aka zuƙe wa iska. A gabansu an gitta wani faifai siriri mai tsagu a jere, tsakanin tsaga da tsaga nanomita 100, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu goma a ɗauki ɗaya. Can bayan faifan, da nisan mita ɗaya da 'yan kai, wata na'ura tana ƙirga inda kowace ƙwaya ta sauka.

Da a ce tsakuwa aka watsa, an san abin da za a gani: kowace ta bi tsaga guda ta wuce, su taru a tsakiya tsibi ɗaya. Ba haka aka gani ba. Ƙwayoyin sun sauka ne ratsi-ratsi, nan da yawa, kusa da nan kaɗan, gaba kaɗan kuma da yawa. Irin wannan zane ba ya fitowa sai daga abin da ke tafiya yadda igiyar ruwa ke tafiya, ya ratsa tsaga fiye da ɗaya lokaci guda, sannan sassansa su sake gamuwa a gaba. Ƙwayoyin kuwa ba su yi cunkoson da za a ce junansu suke bugu ba. Kowace ita kaɗai take tafiyarta. Ke nan ƙwaya guda, mai zarra har sittin, ta bi ta tsaga biyu ko fiye.

Masana kwantam, reshen kimiyyar fiziks da ke bayanin halin ƙananan abubuwa, ba su ga abin mamaki a nan ba. Tun 1924 Louis de Broglie ya ce duk abin da ke da nauyi yana da hali irin na igiyar ruwa, aka kuma tabbatar da haka a kan elektiron a 1927. Abin da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya shi ne ɗaya ɓangaren. Kujerar da kake zaune a kai da zarra aka yi ta, kuma babu inda lissafin kwantam ya ce daga zarra kaza dokar ta daina aiki. To me ya sa ba a taɓa samun kujera a halin da tana ɗaki kuma tana tsakar gida ba? Erwin Schrödinger ya kawo wannan damuwa a 1935 da misalin nan nasa na kyanwar da ke akwati, a raye kuma a mace. Albert Einstein ma ya yi ta maimaita ta a wasiƙun da ya aika wa Max Born a farkon shekarun 1950.

Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin mutane. Wasu su ce ai kujera ta yi girma. Wasu su ce ai kallon ɗan Adam ne ke tilasta wa abu ya zaɓi wuri guda. Ta farkon tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta faɗi yadda girman ke aikinsa ba. Ta biyun kuwa, a ganina, ta fi ɓatar da mutane fiye da ta shiryar da su. Amsar da gwaji ya mara wa baya ta fara fitowa ne daga wani Bajamushe, H. Dieter Zeh, na Jami'ar Heidelberg, a 1970, aka yi shekaru sama da goma ba a kula ta sosai ba, sai da Wojciech Zurek ya ɗauko zancen a 1981 da 1982. Abin da suka lura da shi mai sauƙin faɗa ne: lissafin da ke littattafai yana ɗaukar abu kamar shi kaɗai ne a duniya, alhali babu wani babban abu da yake shi kaɗai. Iska na bugunsa, haske na sauka a kansa, shi kansa yana fitar da zafi. Abin da wannan cuɗanya ke haifarwa shi masana ke kira dikohirans, wato watsewar daidaiton takun igiyoyin.

Daga ina ratsin ke fitowa

Sai mun fahimci yadda ratsin ke samuwa kafin mu gane yadda yake ɓacewa. Mu rage tsagun su zama biyu, ta hagu da ta dama. A lissafin kwantam, kowace hanya da ƙwaya za ta iya bi zuwa wani wuri tana da nata kaso, kuma kason yana iya zama na ƙari ko na ragi, kamar tudun igiyar ruwa da kwarinta. Ana fara haɗa kason hanyoyin biyu, sannan a ninka jimlar da kanta, abin da ya fito shi ke nuna yawan ƙwayoyin da za su sauka a wurin.

A wani wuri, hagu ta kawo +1, dama ta kawo +1. Jimla 2, a ninka da kanta, 4: ƙwayoyi sun yi yawa. Matsa gefe kaɗan, inda hanya ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, hagu ta kawo +1, dama ta kawo −1. Jimla sifili: babu ƙwayar da za ta sauka. Haka za a yi ta samu, 4, 0, 4, 0. Ratsin ke nan. Da kuwa kowace ƙwaya tsaga guda take bi, sai a ninka kowane kaso shi kaɗai sannan a haɗa, 1 da 1, a sami 2 a ko'ina, shafe babu ratsi.

Amma akwai sharaɗi, kuma duk zancenmu a kansa ya rataya. Kason hanyoyi biyu ba sa haɗuwa su ƙarfafa juna ko su kashe juna sai idan ƙarshen labarin hanyoyin biyu iri ɗaya ne sak, ba ga ƙwayar kaɗai ba, ga duk abin da ke duniya. Ka ɗauka ƙwayar iska guda ta kutso cikin bututun ta yi karo da ƙwayarmu daidai lokacin da take ratsa tsagun. Idan a hagu aka yi karon, ƙwayar iskar za ta fice da wani hali. Idan a dama ne, da wani halin daban. Yanzu labarin ya zama haka: "ta bi hagu, kuma iska na ɗauke da alamar hagu", tare da "ta bi dama, kuma iska na ɗauke da alamar dama". Ko da hanyoyin biyu sun kai ƙwayarmu wuri ɗaya a gaban na'ura, ƙarshen labarinsu ya bambanta, domin ƙwayar iskar da ta tafi abinta ba a hali ɗaya take ba. Saboda haka +1 da −1 ba za su gamu su kashe juna ba. Na'ura za ta ga 2 a ko'ina.

Lura da abin da bai faru ba. Ƙwayarmu ba ta zaɓi hagu ko dama ba. A lissafi, duka biyun suna nan. Abin da ya sauya shi ne, a da halin biyun nata ne ita kaɗai, yanzu ya zama nasu su biyu, ita da ƙwayar iskar, ta yadda ba za a iya faɗin halin ɗaya ba sai an ambaci ɗayar. Wannan shi ne sarƙewa, abin da Schrödinger ya raɗa wa suna a 1935 ɗin nan. Ƙwayar iskar ta zama shaida, kuma ba a bukatar kowa ya kira ta ya tambaye ta. Kasancewarta ɗauke da labarin ya isa.

Ba kowane shaida ne mai kaifin ido ba. Haske yana fita ne ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ana ce masa foton, kuma kowane foton yana da tsawon igiyarsa. Ƙa'ida ita ce, igiya ba ta iya bambance wurare biyu da tazararsu ta gaza tsawonta sosai. A gwajin 1999, ƙwayoyin da suka fito daga tanda da zafinsu sun fitar da 'yan foton a hanya, irin na hucin zafi da ido ba ya gani. Sai dai tsawon igiyarsu ya kai kimanin maikiromita 10, wajen ninki ɗari na tazarar tsagun. Foton irin wannan, ko daga tsagar hagu ya fito ko daga ta dama, kusan duk ɗaya ne a wurinsa, don haka labarin da ya ɗauka bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ratsin ya tsira.

Shaidu masu raunin gani ma, idan sun yi yawa, suna gama aiki. A ce kowane ɗaya yana rage kaifin ratsin da kashi ɗaya cikin goma, ya bar 0.9 na abin da ya tarar. Na biyu zai bar 0.9 na wannan ragowar, haka dai. Bayan shaidu bakwai, ratsin ya koma ƙasa da rabi. Bayan 22, kashi ɗaya cikin goma ya rage. Bayan 100, abin da ya saura bai kai uku cikin dubu ɗari ba. Ninkawa ake yi, ba ragewa ɗaya-ɗaya ba, shi ya sa faɗuwar take da sauri haka.

Ƙwayar da ta tona wa kanta asiri

Duk wannan lissafi ne a takarda, sai a 2003 da 2004 mutanen Vienna suka sa masa ma'auni. Wannan karon sun yi aiki da C70, yayar waccan, mai zarra saba'in. A 2003, a aikin da Klaus Hornberger ya jagoranci rubuta shi, sun riƙa sako iskar gas kaɗan-kaɗan cikin bututun da gangan. Duk lokacin da aka ƙara gas da wani adadi, kaifin ratsin sai ya ragu da kaso iri ɗaya, daidai da ninkawar da muka yi a sama.

Gwajin 2004, wanda Lucia Hackermüller da abokanta suka wallafa a mujallar Nature, shi ya fi burge ni, domin a cikinsa babu wani baƙo da ya shigo daga waje. An jera faifai uku na zinariya masu tsagu, tazarar tsagun kusan maikiromita ɗaya, tsakanin faifai da faifai santimita 38. Ƙwayoyin na gudun kimanin mita 190 a sakan, ke nan daga faifan farko zuwa na uku tafiyar kashi huɗu cikin dubu na sakan ce. An zuƙe iskar bututun sosai yadda karo da ita ba zai zama matsala ba. Abu ɗaya kawai aka ƙara: kafin ƙwayoyin su isa faifan farko, sai sun ratsa hasken leza mai ƙarfi wanda ke ɗumama su. Ana murɗa ƙarfin lezar, zafin ƙwayoyin na hawa.

Da leza a kashe, kaifin ratsin ya kai kashi 47 cikin ɗari. Da aka kunna ta a wat 3, ya sauko 29. A wat 6, ya koma 7. Da aka kai wajen wat 10, ratsi ya ɓace ƙurmus. Ƙwayoyin ba su ƙara nauyi ba, tsagun ba su motsa ba, kuma ƙwayoyin da suka iso na'urar ƙirga ba su tarwatse ba. Me ya sauya?

Maƙeri ya san amsar, ko da bai san sunanta ba. Ƙarfe a wuta yakan fara da huci kawai, sannan ya yi ja, sannan ya yi fari-fari. Abin da ke faruwa shi ne, yayin da zafi ke ƙaruwa, foton ɗin da abu ke fitarwa suna ƙara yawa kuma igiyarsu na ƙara gajarta. Ƙwayar C70 da ke kusa da zafin tandarta tana fitar da foton masu doguwar igiya, waɗanda ba sa iya bambance hanyoyi biyu masu tazarar maikiromita ɗaya. Da zafin cikinta ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Kelbin ya doshi 3,000, sai ta fara fitar da haske irin wanda ido ke gani, mai tsawon igiya tsakanin 0.4 da 0.7 na maikiromita. Wannan ya gaza tazarar hanyoyin. Foton irin wannan kaɗan, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sun isa su fitar da labarin hanyar da aka bi.

Mai tsantseni zai tambaya, ta yaya aka san sarƙewa ce ta ci ratsin, ba girgizar tebur ko wata matsalar na'ura ba? Tambaya ce mai kyau, domin kusan kowane kuskure a irin wannan gwaji ratsi yake shafewa. Hujjarsu ita ce sun auna zafin ƙwayoyin ta wata hanya daban, suka lissafa yawan foton da ya kamata su fita da tsawon igiyar kowanne, suka fitar da yadda ratsin zai ragu a kowane mataki, sai abin da aka auna ya bi layin lissafin. Girgizar tebur ba ta san ƙarfin leza ba, balle ta bi wannan layi.

Su kuwa foton ɗin, babu wanda ya kama su. Sun faɗa jikin bangon bututun ƙarfen sun shige. Ba ido, ba kyamara, ba wanda ya san ta ina ƙwayar ta bi. Duk da haka ratsi ya tafi. Wanda ke cewa sai hankalin mutum ya shiga kafin abu ya daina nuna halin kwantam, wannan gwajin ya isa ya sa ya sake tunani.

Lissafin ƙwayar ƙura

A 1985, Erich Joos da Zeh suka yi lissafin yadda abin yake ga abubuwan da suka fi ƙwayar sinadari girma, kuma misalin da suka ɗauka ƙwayar ƙura ce. Mu da hazon hunturu ke lulluɓewa kowace shekara, yawancinsa daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi, ba sai an kwatanta mana ita ba. Mu ɗauki guda mai faɗin maikiromita 10, kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, irin wadda da ƙyar ake hango ta a hasken da ya ratso ta taga. Mu ce wani gwani ya yi dabara ya sa ta a hali biyu, tana nan kuma tana can. Har yaushe wannan hali zai daɗe nata ita kaɗai?

Iskar ɗaki tana da ƙwayoyi kimanin 2.5 × 10^25 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi, suna kai-komo da gudun da ya kusa mita 500 a sakan. Idan aka lissafa nawa ne ke bugun fatar ƙwayar ƙura mai wannan girma, ana samun kusan 10^18 a sakan guda, wato 1 da sifili goma sha takwas a bayansa. Adadin nan ya fi yawan sakannin da suka shige tun farkon sararin samaniya, a ƙiyasin masana na shekara biliyan 13.8. Kuma waɗannan ba shaidu masu raunin gani ba ne. Tsawon igiyar ƙwayar iska a zafin ɗaki kimanin 0.03 na nanomita ne, bai kai faɗin zarra guda ba. Muddin tazarar "nan" da "can" ta kai faɗin zarra, karo ɗaya ko biyu ya wadatar. Saboda haka halin biyun zai fita daga hannun ƙurar cikin kimanin kashi ɗaya cikin 10^18 na sakan. A wannan ɗan lokaci, haske da kansa bai wuce tafiyar faɗin zarra biyu ko uku ba.

A nan ne ake yawan rikita abu biyu. Wani zai ce, ai dama iska tana rage wa abu gudu, wannan ba sabon labari ba ne. Ba shi ake nufi ba. Ƙwayar ƙurarmu ta fi ƙwayar iska nauyi sau tiriliyan talatin ko kusa da haka, karo ɗaya ba ya ko gusar da ita. Kafin iska ta tsayar da gudunta sai an yi kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ɗaukar labarin inda take kuwa ya riga wannan da ninki 10^15. Iska ba sai ta ture abu ba kafin ta san inda yake.

To a zuƙe iskar mana. Sai hucin zafin bangon ɗakin ya karɓi aikin, da wanda ƙurar kanta ke fitarwa. A kai ta can sararin samaniya, nesa da kowane tauraro, cikin duhu da sanyi. A can ma akwai wani raunannen haske da ya cika ko'ina, ragowar zafin farkon duniya, mai digiri 2.7 a ma'aunin Kelbin, da foton kimanin 400 a kowace santimita mai tsawo da faɗi da zurfi. Igiyarsa doguwa ce, wajen milimita ɗaya zuwa biyu, don haka kowane foton shaida ne mai raunin gani ƙwarai. Amma ba sa ƙarewa. Bisa lissafin Joos da Zeh, ga ƙwayar ƙurar da ta ɗan fi tamu girma, wadda aka raba halinta da tazarar da ta kai girmanta, sakan guda ko makamancinsa ya ishe su. Idan haka ƙura take, ba sai an yi lissafin kujera ba. Girma yana da hannu a lamarin, amma ta wannan hanya: babban abu yana da faffaɗar fata da ɗimbin zarra, shaidunsa ba su ƙirguwa.

Wannan kuma ya amsa wata tambaya da ba kowa ke lura da ita ba. Me ya sa wuri ne abin da manyan abubuwa ke da shi tabbatacce? Lissafin kwantam bai fifita "tana nan" a kan "tana nan kuma tana can" ba. Dukansu halaye ne halattattu. Muhalli ne ke fifitawa. Karo yana faruwa ne a inda abu yake, haske yana dawowa ne daga inda abu yake, don haka labarin da ke fita na wuri ne. Halin da ya riga ya tsaya a wuri guda, karon ba ya sauya shi, sai dai ya ƙara kwafe shi. Halin da ya bazu wuri biyu shi ne ke sarƙewa nan take. Zurek ne ya fayyace wannan tacewa. Ya kuma ƙara da cewa muhalli ba kwafi ɗaya yake ɗauka ba, biliyoyi ne: foton ɗin da ke shiga idonka daga kujera ɗan mitsitsin kaso ne na waɗanda suka tashi daga jikinta, na idon maƙwabcinka wani kason ne daban, amma duk labari ɗaya suke ɗauke da shi. Shi ya sa ba ku musu a kan inda kujerar take.

Shin halin biyun ya mutu ne, ko ɓuya ya yi? Wani gwaji da ƙungiyar David Pritchard ta yi a MIT, a Amurka, a 1995, ya ba da amsa. Sun tura zarrar sodiyam ta hanyoyi biyu, suka haska ta da leza mai ruwan ɗorawa, mai tsawon igiya nanomita 589, yadda kowace zarra za ta watsa foton ɗaya tak. Inda tazarar hanyoyin ta yi ƙanƙanta, ratsi ya tsaya. Da tazarar ta kusa rabin tsawon igiyar, ya ɓace. Sannan suka yi wata dabara: suka ware zarrar da foton ɗinsu ya fita ta kusan fuska ɗaya, suka ƙirga su su kaɗai. Sai ga ratsi ya dawo a cikin wannan rukuni, a inda jimlar duka ba ta nuna komai. Ashe daidaiton bai lalace ba, ya koma ne cikin alaƙar zarra da foton ɗinta, inda mai kallon zarra kaɗai ba zai gan shi ba.

Da foton ɗaya ana iya wannan. Da ƙwayar ƙura fa? Sai ka tattaro ƙwayoyin iska 10^18 na sakan ɗin farko, da duk waɗanda su ma suka buga bayan nan, da foton ɗin da suka fice ta taga suka nufi sama da gudun da babu abin da zai cim musu, ka mayar da kowanne yadda yake ba kuskure ko na ɗaya. Babu dokar fiziks da ta ce haramun ne, amma magana zarar bunu ce. Masu ƙera kwamfutar kwantam da wannan suke fama kullum: suna sanyaya wasu na'urorinsu zuwa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na digiri sama da ƙarshen sanyi, su killace su daga haske da girgiza, don kawai su sami ɗan ƙaramin kaso na sakan kafin labari ya fita. Serge Haroche, wanda ƙungiyarsa a Paris ta fara kallon wannan yoyo mataki-mataki a 1996 da 'yan foton da aka tsare tsakanin madubai biyu, ya sami kyautar Nobel a 2012 tare da David Wineland.

Sai dai kada a yi wa bayanin nan ƙarin gishiri, kamar yadda wasu littattafai ke yi. Ya faɗi dalilin da ya sa ba ma ganin ratsi a manyan abubuwa, ya faɗi dalilin da ya sa wuri ne ke fitowa tabbatacce, ya kuma ba da lokacin da abin ke ɗauka, har an auna an ga haka ne. Abin da bai faɗa ba shi ne me ya sa, a ƙarshe, sakamako ɗaya muke gani. Bayan duk sarƙewar, lissafin yana nan ɗauke da rassa biyu, "tana nan, duniya ta shaida nan" da "tana can, duniya ta shaida can". Sun daina taɓa juna, amma babu wanda aka goge.

A nan masana suka rabu. Mabiya Hugh Everett, wanda ya kawo ra'ayinsa a 1957, sun ce ba a goge komai, rassan duka suna nan, mu dai a ɗaya muka sami kanmu. Zeh kansa nan ya karkata. Mabiya David Bohm, tun 1952, sun ce ƙwaya tana da wuri guda tun asali, igiyar jagora take yi mata. Wasu kuma sun ce lissafin kwantam bayani ne na abin da za a iya sani da aunawa, ba hoton abin da ke akwai ba, don haka tambayar ba ta taso ba. Waɗannan duka, a gwaje-gwajen da ake iya yi, sakamako ɗaya suke hasashe.

Ra'ayi na huɗu ne ya yarda a gwada shi. A 1986, Ghirardi da Rimini da Weber suka ce wataƙila lissafin ne ke da gyara, wato akwai wata rushewa ta gaske da ke faruwa da kanta, wadda ba a jin ta a zarra ɗaya amma take ƙaruwa da yawan zarra. In haka ne, akwai nauyin da idan abu ya kai shi, ratsi zai ɓace ko da an kawar da iska da zafi da haske gaba ɗaya. In kuwa sarƙewa da muhalli ce kaɗai ke aiki, to duk lokacin da aka toshe shaidu, ratsi zai fito komai nauyin abin. Hanyar rarrabewa ita ce a yi ta ƙara nauyi ana ƙara killacewa, a riƙa lissafa abin da muhalli zai ci, a ga ko akwai ragin da ya wuce lissafin. A 2019, ƙungiyar Arndt a Vienna ta ga ratsi da ƙwayoyin da suka kai zarra 2,000, masu nauyin da ya haura na zarrar haidirojin 25,000, a na'ura mai tsawon mita biyu. Ba a ga ragin da ya wuce lissafi ba. Tsakanin waɗannan ƙwayoyi da ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya kuwa, akwai sauran ninkin nauyi sama da biliyan goma.